Tambayoyi da amsoshi kan gwada littafin kashe kuɗi da takardar bayanin asusun banki

Wannan shafi na masu riƙe da littafi ne da suke rubuta abin da ya shigo musu da abin da suka kashe, sannan a ƙarshen wata su tarar cewa ragowar da littafin ya nuna ba ita ce a asusunsu na banki ba. Tambayoyin irin waɗanda ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa da ɗalibai a Zariya ke yawan yi ne. Abin da amsoshin suka ginu a kai shi ne cewa kowane bambanci yana da dalili, kuma aikin bai kammala ba sai an san dalilin kowace naira da kowane kwabo.

Ina samun alat duk lokacin da kuɗi ya shiga ko ya fita. Me ya sa sai na nemi takardar bayanin asusu?

Domin alat ba ya zuwa a kan komai, kuma ba kullum yake isowa ba. Akwai ranakun da sabis ke tangarɗa saƙo ya maƙale ko ya ɓace gaba ɗaya, akwai kuma ƙananan caje-caje da banki ke cirewa ba tare da ya aiko da saƙo a kansu ba. Takardar bayanin asusu, wadda aka fi sani da sitatimen, ita ce cikakken jerin duk abin da ya taɓa asusun, layi bayan layi, tare da ragowar kuɗi bayan kowane layi. Ana iya sauke ta daga manhajar banki a waya, ko a nemi a aiko da ita ta imel, ko a je reshen banki a PZ ko Samaru a buga ta a takarda, sai dai bugawar akan biya kuɗi a kan kowane shafi. Abin lura shi ne a nemi ta cikakken wata, daga ranar 1 zuwa ranar ƙarshe, domin gajeren jerin da manhaja ke nunawa na 'yan hada-hadar baya-bayan nan ba ya isa wannan aiki.

A saman takardar za a ga `Opening Balance`, wato abin da ke asusun a farkon lokacin, da `Closing Balance`, abin da ya rage a ƙarshe. Layin da aka rubuta `Debit` a kansa kuɗin da ya fita ne, wanda aka rubuta `Credit` kuwa kuɗin da ya shigo ne.

Littafina ya haɗa abin da na saya da tsabar kuɗi da abin da na biya ta banki. Zan iya gwada shi haka?

Ba zai yiwu ba sai an raba su, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke rikicewa. Banki bai san abin da mutum ya yi da kuɗin da ke aljihunsa ba. Idan aka ciri naira 20,000 a wajen mai POS a Kwangila, banki ya san wannan cirewa guda ɗaya ce kawai. Kuɗin Keke Napep da aka biya daga ciki, da cefanen da aka yi a kasuwar Tudun Wada, da abin da aka miƙa wa yara na makaranta, babu ɗayansu da zai fito a sitatimen. Wanda ya rubuta cirewar 20,000 a matsayin kashewa, sannan ya sake rubuta kowane abu da ya saya da ita a layi ɗaya da ita, ya ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu, kuma littafinsa zai riƙa nuna masa cewa ya fi yadda yake talauci.

Gyaran shi ne a ware wa banki shafinsa, a ware wa aljihu nasa. Cire kuɗi ba kashewa ba ne, ɗauke su ne daga wannan ma'aji zuwa wancan, don haka a shafin banki a rubuta shi a matsayin fita, a shafin aljihu kuma a rubuta shi a matsayin shiga. Shafin banki kaɗai ake gwadawa da sitatimen. Shafin aljihu ana gwada shi ne da ƙirga abin da ya rage a hannu. Ga wanda ya riga ya cika littafinsa a cakuɗe, ba sai ya sake kwafe shi ba, ya isa ya bi layukan watan ya sa harafin B a gefen duk abin da ya bi ta banki, ya sa A a gefen abin da ya fita daga aljihu, sannan ya yi aiki da masu B kawai.

Haka abin yake ga mai asusu fiye da ɗaya. Wanda albashinsa ke shiga banki amma yake tura wani kaso zuwa OPay ko Moniepoint domin hidimar yau da kullum, kowane asusu yana buƙatar shafinsa da sitatimen ɗinsa, kuma turawar da ya yi tsakanin asusunsa biyu ba ta cikin abin da ya kashe.

Daga ina ake farawa, kuma yaya ake bin layukan?

Ana farawa ne daga ragowar farkon wata. Dole ne abin da littafi ya ce yana asusu ranar 1 ga wata ya zama daidai da `Opening Balance` na sitatimen, domin idan tushen ya karkace, mutum zai ɓata dare yana neman kuskure a watan da ba a cikinsa aka yi shi ba. Wanda yau ne farkon yin wannan aiki a gare shi, ya ɗauki adadin da banki ya nuna a farkon watan ya rubuta shi a matsayin mafarinsa, kada ya ce sai ya koma baya shekara guda.

Daga nan sai a ajiye sitatimen a dama, littafi a hagu, a ɗauki fensir. A bi sitatimen daga layin farko, kowane layi a nemi takwaransa a littafi, idan an samu a sa alama a duka biyun. Na fi son a bi daga ɓangaren banki zuwa littafi, saboda abin da mutum ya manta bai rubuta ba ya fi yawa a kan abin da ya rubuta bai faru ba. Kafin a sa alama, abubuwa uku ake dubawa: adadin ya zo daidai har kwabo, ranar ta yi kusa, sannan ɓangaren ya dace, wato abin da banki ya ce shiga ne littafi ma a shiga ya sa shi. Wannan na ukun shi ne ido ya fi tsallakewa, domin da zarar mutum ya ga adadi iri ɗaya a takardun biyu hankalinsa yakan kwanta.

Idan an kai ƙarshe, abin da ya rage ba alama ya kasu gida uku. Akwai layukan da ke sitatimen amma babu su a littafi, akwai waɗanda ke littafi amma babu su a sitatimen, akwai kuma waɗanda ke duka biyun amma adadinsu ya saɓa. A kwafe su a wata takarda daban, kowane rukuni a wurinsa, domin a kansu sauran aikin zai tsaya.

Ranar da ke littafina ba ta zo daidai da ta banki ba. Kuskure ne?

Sau da yawa ba kuskure ba ne. Abin da aka biya da dare yakan fito da kwanan washegari, abin da aka yi ranar Asabar ko Lahadi ko ranar hutu kuma wasu bankunan sukan sa masa kwanan ranar aiki ta gaba. Shi ya sa wasu takardun ke da layin kwanan wata biyu, `Trans Date`, ranar da aka yi hada-hadar, da `Value Date`, ranar da banki ya ƙirga ta a asusu. Saɓanin kwana ɗaya zuwa uku ba abin damuwa ba ne idan adadi da bayani sun dace. Inda ya kamata a kula shi ne bakin wata, domin abin da aka biya daren 31 yana iya faɗawa sitatimen na wata mai zuwa.

Na ga sunan da ban sani ba a layin cire kuɗi. In ɗauka an yi mini sata ne?

A fara bincike kafin a yanke hukunci. Sunan da ke fitowa a sitatimen shi ne wanda aka yi wa na'urar POS rajista da shi, ko sunan mai asusun da aka tura wa kuɗi, kuma sau tari ba shi ne sunan da ke allon shago ba. Mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari yana iya ba da lambar asusun ƙaninsa, mai shagon magani kuma na'urarsa tana iya ɗauke da sunan wani kamfani da abokin ciniki bai taɓa ji ba. A duba adadin da ranar, a tuna inda aka je a wannan rana, a kuma duba rasit ɗin da ke cikin manhaja. Wannan matsala ce ta sa yake da kyau duk wanda ya yi taransifa ya rubuta sunan da ya bayyana a allon waya a gefen abin da ya saya. Idan kuwa an yi duk wannan kuma layin bai dace da komai ba, a rufe katin nan take ta manhaja ko ta lambar da banki ya tanada domin haka, sannan a kai ƙorafi.

Waɗanne ƙananan caje-caje ne ke sa littafi ya riƙa fin banki da 'yan ɗaruruwa kowane wata?

Su ne waɗanda kusan babu mai rubuta su a lokacin da aka cire su. A tsarin cajin da Babban Bankin Najeriya ya fitar wanda ya fara aiki a Janairun 2020, tura kuɗi zuwa wani banki yana cin naira 10 idan bai wuce 5,000 ba, naira 25 daga 5,001 zuwa 50,000, da naira 50 idan ya haura 50,000. A kan kowanne ana ɗora harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, shi ya sa ake ganin 10.75 da 26.88 da 53.75. Wasu bankunan sukan haɗa cajin da harajinsa a layi ɗaya, wasu su raba su biyu a rubuta `VAT` a kan na biyun. Sanin waɗannan adadi uku yana sauƙaƙa aiki ƙwarai, domin duk bambancin da ya ƙare da kwabo 75 ko 88, to da wuya a ce ba daga nan ya fito ba.

Akwai kuma harajin naira 50 a kan taransifar da ta kai 10,000 zuwa sama, wanda ya riƙa fitowa da sunan `EMTL` ana cire shi daga wanda aka tura wa, kafin sabuwar dokar haraji ta mayar da shi kan mai turawa daga Janairun 2026. Kuɗin saƙon alat ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6 a kan kowane saƙo a shekarar 2025, kuma akan tara shi a cire gaba ɗaya sau ɗaya a wata. A shekarar 2025, kula da katin naira a asusun ajiya naira 50 ne duk wata uku, ban da haraji. Cire kuɗi a ATM na wani banki kuma, tun daga Maris na 2025, yana cin naira 100 a kan kowace 20,000, kuma yana iya fin haka idan na'urar ba a harabar banki take ba. Hukuma takan sauya waɗannan adadi lokaci zuwa lokaci, don haka abin da aka rubuta a sitatimen ɗin watan shi za a kwafa.

Hanya mafi sauƙi ita ce kada mutum ya wahalar da kansa wajen rubuta su kullum. A ƙarshen wata a tattara su daga sitatimen, a rubuta su a layi ɗaya da sunan cajin banki.

Za a iya nuna misali cikakke, daga farko har ƙarshe?

Mu ɗauki misalin wani malamin sakandare da ke zaune a Tudun Wada, wanda ya zauna gwada littafinsa na watan Oktoban 2025. Ragowar farkon wata ta dace a duka ɓangarorin. A ƙarshen wata shafin banki na littafinsa ya nuna saura naira 31,500, sitatimen kuma ya nuna 46,174.62. Banki ya fi littafi da 14,674.62. Da ya tsaya neman wani abu guda mai wannan adadi ba zai taɓa samu ba, domin bambancin tarin kurakurai ne, wasu suna ja sama wasu suna ja ƙasa, suna ɓoye juna.

Bayan ya bi layuka ya sa alama, a rukunin farko, wato abin da ke sitatimen babu a littafi, ya samu caje-caje. Ya yi taransifa uku zuwa wasu bankuna, ta 64,000 da ta 20,000 da ta 4,500, cajinsu 53.75 da 26.88 da 10.75, jimilla 91.38. An cire masa harajin naira 50 a kan kuɗin da ƙaninsa ya turo masa, da naira 84 na saƙonnin alat 14. Duka caje-cajen sun kama 225.38. Ya kuma samu data ta 3,000 da ya saya da dare bai rubuta ba, da wata cirewa ta 9,000 a gidan mai ranar 30 ga wata. Wannan ta ƙarshen ya tuna da ita sarai: na'urar ta ce biyan bai tafi ba, ya zaro tsabar kuɗi ya biya, ya rubuta a shafin aljihu, ashe an cire a asusunsa kuma ba a mayar ba har wata ya ƙare.

A rukuni na biyu, abin da ke littafi babu a sitatimen, layi ɗaya ne: masara ta 6,000. Da tsabar kuɗi ya saye ta, daga abin da ya cira a wajen mai POS, amma ya rubuta ta a shafin banki. A rukuni na uku kuma layi biyu ne. Littafi ya ce ya ciri 20,000 a wajen mai POS, banki ya ce 20,400, saboda mai POS ya haɗa ladansa na 400 a cikin abin da ya danna. Sai kuɗin katin wuta, inda banki ya nuna 8,500 shi kuma ya rubuta 5,800, hannu ya juya lambobi biyu, bambanci 2,700.

Yanzu sai gyara, kuma kowane abu a ɓangaren da yake da laifi ake gyara shi. Daga 31,500 na littafi ya cire 225.38 na caji, saura 31,274.62. Ya cire 3,000 na data, saura 28,274.62. Ya cire 400 na mai POS, saura 27,874.62. Ya cire 2,700 na katin wuta, saura 25,174.62. Ya mayar da 6,000 na masara, ya koma 31,174.62. Ita kuwa 9,000 ta gidan mai ba kuskuren littafi ba ce, kuɗinsa ne da ake jiran a mayar, don haka a ɓangaren banki ya ƙara ta a takardar lissafinsa: 46,174.62 da 9,000 sun zama 55,174.62.

Har yanzu ba su haɗu ba, amma bambancin ya sauya kama. Kwabban sun dace, abin da ya nuna cewa babu sauran caji mai kwabo da ya ɓuya, kuma ragowar bambancin 24,000 ne cif. Babu wani layi na 24,000 a ko'ina, sai ya raba shi biyu ya samu 12,000, ya koma neman wannan adadi. Shi ne bashin da ƙaninsa ya biya shi. Layin yana da alama a duka takardun, domin adadin ya dace, amma a littafi ya sa shi a layin fita maimakon layin shiga. Ya rage 12,000 a inda ya kamata ya ƙara 12,000, shi ya sa giɓin ya ninka. Da ya ƙara 24,000 a kan 31,174.62 sai littafi ya tsaya a 55,174.62, daidai da ɓangaren banki.

Ya kamata a lura cewa da ya ga banki ya fi littafi da dubu goma sha huɗu da ɗoriya ya yi murna ya rufe littafi, da bai san cewa akwai 9,000 ɗinsa da ke rataye ba, balle ya bi sawunta. Bambancin da ya zo ta ɓangaren riba ma sai an bincike shi kamar wanda ya zo ta ɓangaren asara.

Idan na gama bin layuka kuma saura bambanci, akwai dabarar gane irin kuskuren daga adadin kansa?

Akwai, amma tana aiki ne kawai bayan an share duk abin da aka riga aka gano, lokacin da ake kyautata zaton kuskure ɗaya ne ya rage. Da farko a nemi adadin kansa a takardun biyu, domin yana iya zama layin da aka manta, ko wanda aka rubuta sau biyu. Idan babu, a raba shi biyu a nemi rabin, kamar yadda malamin nan ya yi, domin kuɗin da aka sa a ɓangaren da ba nasa ba yana haifar da giɓi ninkinsa biyu.

Idan wannan ma bai fito da komai ba, a raba bambancin da 9. Duk lokacin da aka juya lambobi biyu, kamar 8,500 ta koma 5,800, bambancin yana rabuwa da 9 ba saura: 2,700 a raba da 9 ya ba da 300. Wannan sakamako ma yana da bayani, domin 3 ɗin da ke cikinsa ita ce tazarar da ke tsakanin lambobin da aka juya, 8 da 5, sifirai biyun kuma suna nuna cewa juyawar ta faru ne tsakanin gurbin ɗaruruwa da na dubbai. Haka kuma idan sifiri ya faɗi ko ya ƙaru, misali aka rubuta 1,500 a maimakon 15,000, bambancin 13,500 ne, wanda idan aka raba da 9 zai ba da 1,500, wato ainihin adadin da aka rubuta bisa kuskure. Sai dai rabuwa da 9 alama ce kawai, ba hujja ba ce, domin adadi yana iya rabuwa da 9 bisa dace.

Bambancin da ya zo 10 ko 100 ko 1,000 cif kuwa, mafi yawa daga tarawa ko ɗebewa yake. A sake lissafa ragowar kowane shafi da kalkuleta, a kuma duba ko adadin da aka ɗauko daga ƙasan wannan shafi zuwa saman na gaba an kwafe shi daidai.

Kuɗin da aka cire bisa kuskure aka mayar, yaya zan rubuta shi?

Idan cirewar da mayarwar duk sun faɗo a wata ɗaya, za a gan su a layi biyu masu adadi ɗaya, na biyun yawanci da alamar `REV` ko `RVSL`. A haɗa su da juna da fensir, sun kashe juna, ba sai sun shiga littafi ba. Abin dubawa kawai shi ne ko an mayar da cajin da ya bi taransifar tare da uwar kuɗin. Idan kuwa wata ya ƙare ba a mayar ba, a buɗe wani ɗan wuri a bayan littafi na abubuwan da ake jira, a rubuta rana da adadi da wurin da abin ya faru, kuma shi ne abu na farko da za a nema a sitatimen na gaba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a rubuta kuɗin da aka mayar a matsayin sabon kuɗin shiga alhali ba a taɓa rubuta fitarsa ba, wanda hakan ke kumbura littafi da kuɗin da babu shi.

Idan na tabbatar kuskuren daga banki yake, me zan yi?

A kai ƙorafi da wuri, kuma a rubuce. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a watan Yunin 2020 ta ce cirewar da ta gaza a ATM na bankin mutum a mayar da ita nan take, ko cikin awa 24 idan sai an yi da hannu, ta ATM na wani banki cikin awa 48, ta POS ko intanet kuma cikin awa 72. Idan wa'adin ya wuce, a je wajen masu kula da abokan hulɗa da shafin sitatimen da aka ja wa layi, da rasit ɗin da na'urar ta fitar mai nuna cewa biyan bai tafi ba. Takardar rasit ɗin POS tana dushewa cikin 'yan makonni, musamman idan ta sha zafi a aljihu, don haka a ɗauki hotonta tun a wurin. Idan taransifa ce, a kwafi `Session ID`, doguwar lambar nan da ke jikin rasit, domin da ita ake bin sawun kuɗi tsakanin bankuna biyu. Kada a baro wurin sai an karɓi lambar ƙorafi. Idan banki bai warware ba bayan mako biyu, ana iya kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, kuma lambar ƙorafin nan za su nema.

A duk wannan, babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi lambar sirri ta kati ko lambar da aka turo ta waya domin ya mayar wa mutum kuɗinsa.

Na rubuta cewa an turo mini kuɗi, amma babu su a sitatimen. Me ke nan?

Ko dai taransifar ta maƙale ta koma wa mai ita, ko an tura ta wani asusun naka, ko kuma alat ɗin na bogi ne. Masu sayar da kaya su suka fi haɗuwa da na ukun, inda ake nuna musu rasit a waya ko saƙo ya shigo da kamar na banki. A tuntuɓi wanda ya ce ya tura cikin mutunci, a nemi rasit mai ɗauke da `Session ID`, domin sau da yawa shi ma bai san kuɗin ya komo masa ba. Kafin a gano gaskiya, a fitar da adadin daga shafin banki a mayar da shi shafin bashin da ake bi.

Kuɗin adashi da na 'yan uwa suna bi ta asusuna. Suna shiga wannan lissafi?

Suna shiga, domin banki bai bambanta su da naka ba, kuma idan aka bar su ragowar ba za ta taɓa dacewa ba. A rubuta shigarsu da fitarsu a shafin banki kamar kowane kuɗi, amma a sa musu alamar amana, sannan bayan an gama gwadawa a cire jimillar amanar daga ragowar domin a san abin da yake na mutum. Uwar adashi da ke karɓar zubin mutum goma ta taransifa tana da ƙarin aiki guda, domin zubin duk adadi ɗaya ne, don haka ba adadi za ta bi ba, suna da rana za ta bi, in ba haka ba tana iya sa alama a kan zubin wannan ta ɗauka na wancan ne.

Yaya ake gyara littafi, kuma idan saura 'yan nairori na kasa ganowa fa?

Kada a goge, kada kuma a shafe da tawada. A ja layi ɗaya a kan abin da ba daidai ba yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a samansa. Abubuwan da aka manta kuma a rubuta su a ƙarshen watan a ƙarƙashin kan magana na gyare-gyare, kowanne da ainihin ranarsa da dalilinsa, maimakon a cusa su tsakanin layuka a ɓata lissafin ragowar kowane shafi. Daga nan a ja layi biyu a ƙarƙashin ragowar da aka amince da ita, ita ce mafarin wata mai zuwa. Ga malamin da muka yi misali da shi, zai buɗe Nuwamba da 55,174.62 tare da bayanin cewa 9,000 daga ciki ana jiran a mayar, shi ya sa `Opening Balance` na banki zai gaza wannan adadi da 9,000.

Idan an bi duk hanyoyin nan kuma saura ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a rubuta shi a fili da sunan bambancin da ba a gano ba, da adadinsa da watansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a lanƙaya shi a kan cefane ko kuɗin mota domin lissafi ya yi kyau. Ƙaramin bambanci yana iya zama manyan kurakurai biyu ne da suka kusan cinye juna, kuma idan adadi iri ɗaya ya sake bayyana a wata na biyu da na uku, wannan alama ce ta wata cirewa da ke maimaita kanta, kamar rajistar wata hidima da aka taɓa biya da kati aka manta ba a soke ba. Wanda hada-hadarsa ke da yawa, ya riƙa sa alama kowane mako daga jerin da ke manhaja tun yana iya tuna inda ya je, ya bar tara caje-caje da rufe lissafi zuwa ƙarshen wata.